Sifirin da Ba Ya Nufin Babu: Abin da Ma'aunin Dangantaka Yake Gani da Abin da Yake Tsallakewa

A ƙarshen shekarar 1888 wani Bature ɗan Ingila mai suna Francis Galton, ɗan'uwan Charles Darwin, ya gabatar wa ƙungiyar masana kimiyya ta Landan wata gajeriyar maƙala. Galton mutum ne mai jarabar awo. Ya buɗe ɗakin gwaji inda ake auna tsawon mutane, da girman kansu, da tsawon yatsu, da kamunsu, wato daga gwiwar hannu zuwa kan ɗan yatsa na tsakiya. Da ya zauna da awon maza kusan 350, sai ya ga abin da kowane tela ya sani: dogon mutum yakan kasance da dogon kamu. Sai dai "yakan kasance" bai ishe shi ba. So yake ya san ƙarfin wannan tafiya tare, kuma ya faɗe shi da lamba guda. Lambar da ya samu tsakanin tsawo da kamu ita ce 0.8.

Shekaru kaɗan bayan haka, a 1896, Karl Pearson na jami'ar Landan ya tsara lissafin a siffar da ake koyar da shi har yau. Shi ya sa ake kiransa ma'aunin dangantaka na Pearson, ana kuma rubuta shi da ƙaramin harafin r. Duk wanda ya taɓa leƙa babi na huɗu na kundin kammala digiri a fannin noma, ko ilimi, ko kiwon lafiya, ya ci karo da shi. Zai kuma yiwu ya ci karo da wata jimla da ake yawan rubutawa a ƙarƙashin jadawalin idan lambar ta fito ƙarama: "Wannan ya nuna babu dangantaka tsakanin abubuwan biyu." Sau da yawa jimlar gaskiya ce. Wani lokaci kuma kuskure ce babba, kuma kuskuren ba na lissafin ba ne, na mai karanta shi ne.

Shi dai r lamba ce da ba ta wuce 1, ba ta kuma gaza −1. Idan ta kusanci 1, abubuwan biyu suna hawa tare: wannan ya ƙaru, wancan ma ya ƙaru. Idan ta kusanci −1, suna saɓawa ne, ɗaya na hawa ɗayan na sauka, kamar yadda farashin tumatir ke faɗuwa idan kayan fadama suka cika kasuwa. Alamar ragi da ke gaban lambar ba ta nufin rauni. Dangantakar −0.9 daidai take da ta 0.9 wajen ƙarfi, alƙibla ce kawai ta bambanta. Amma akwai sharaɗin da ake yawan mantawa: abin da r ke aunawa shi ne yadda bayanan suka kusanci miƙaƙƙen layi idan aka zana su a takarda. Miƙaƙƙe, ba kowane irin layi ba.

Don a ga dalilin hakan, sai an buɗe cikin lissafin, kuma ba shi da wahalar da ake zato. A ƙaddara gonakin gero guda biyar masu girma ɗaya. An zuba wa ta farko amalanke 1 na takin gargajiya, ta biyu 2, haka har ta biyar da ta sami amalanke 5. Da kaka ta yi, aka sami buhu 2, 4, 5, 7 da 7 bi da bi. Lambobin na misali ne, an zaɓe su don sauƙin lissafi.

Matakin farko shi ne neman matsakaici. Na taki amalanke 3 ne, na amfani kuwa buhu 5. Daga nan sai a tambayi kowace gona: da nawa kika wuce matsakaici, ko da nawa kika gaza? Ta fuskar taki, gonakin sun ba da −2, −1, 0, 1, 2. Ta fuskar amfani sun ba da −3, −1, 0, 2, 2. Yanzu sai a ninka amsoshin kowace gona biyu da juna. Gonar farko ta gaza a taki, ta kuma gaza a amfani. Ragi sau ragi yana ba da ƙari, don haka ta ba da 6. Ta biyu ta ba da 1, ta uku 0, ta huɗu 2, ta biyar 4. Jimla 13.

A nan ne zuciyar maganar take. Duk gonar da ta kasance a gefe ɗaya ta fuskoki biyun, ko sama da sama ko ƙasa da ƙasa, tana ƙara wa jimlar nauyi. Wadda kuwa ta kasance sama a ɗaya ƙasa a ɗayan, tana rage ta. Abin da ya saura shi ne a daidaita jimlar don kada ta dogara da ko an auna da buhu ko da tiya. Ana ninka kowane bambanci na taki da kansa a tara, a sami 10. A yi haka ga na amfani, a sami 18. A ninka 10 da 18, a sami 180. Sannan a nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da 180, wato kusan 13.4. A raba 13 da 13.4, r ya fito 0.97. Ga dangantaka mai ƙarfi, kuma lambar ta faɗi gaskiya, domin idan aka ɗiga gonakin biyar a takarda za su jeru kusan a kan layi ɗaya mai hawa.

Kafin a wuce, akwai abubuwa biyu da wannan 0.97 bai faɗa ba. Bai faɗi yawan buhunan da kowane amalanke ke ƙarawa ba. Da a ce an raba duk amfanin gida goma, r zai zauna yadda yake. Bai kuma rantse cewa taki ne sanadi ba, domin mai yiwuwa manomin da ke da halin zuba taki da yawa shi ne kuma mai halin yin noma a kan lokaci. Wannan gargaɗi na biyu ya shahara, ana maimaita shi a kowane aji. Wanda bai shahara ba shi ne na sifiri.

A koma fadama. A ƙaddara fangali biyar na albasa, iri ɗaya, ƙasa ɗaya. Ana ba na farko ruwa sau 1 a mako, na biyu sau 2, har zuwa na biyar da ake ba ruwa sau 5. Duk ɗan lambu ya san abin da zai faru. Wanda ruwa bai isa ba zai tsumbure, wanda ya sami daidai zai yi kyau, wanda aka cika wa ruwa kuma saiwarsa za ta rasa iska ta fara ruɓewa. A ce an kwashe buhu 4, 7, 8, 7 da 4.

A bi matakan nan na ɗazu. Matsakaicin ban ruwa 3 ne, na amfani 6. Bambance-bambancen ban ruwa su ne −2, −1, 0, 1, 2. Na amfani su ne −2, 1, 2, 1, −2. Idan aka ninka su biyu-biyu, fangalin farko ya ba da 4, na biyu −1, na uku 0, na huɗu 1, na biyar −4. A tara su. Huɗun farko ta kashe huɗun ƙarshe, ɗaya ya kashe ɗaya, jimla sifiri. Komai aka raba sifiri da shi, sifiri ne. Ke nan r = 0 cif.

Wanda aka miƙa wa wannan lamba kaɗai, bai ga fangalin ba, zai rubuta cewa ban ruwa ba ruwansa da amfanin albasa. Alhali a wannan misali ban ruwa ne ke yanke komai: wanda ya san sau nawa aka ba fangali ruwa zai iya faɗin yawan buhunansa ba kuskure. Lambobin suna bin ƙa'ida guda: a cire 3 daga yawan ban ruwa, a ninka abin da ya fito da kansa, a cire shi daga 8. Dangantaka ba ta fi wannan ƙarfi. Abin da ya faru kawai shi ne siffarta irin ta tozon raƙumi ce, hawa sannan gangara, shi kuwa r tambaya ɗaya yake yi: a dunƙule, ana hawa ne ko ana sauka? Da rabin farko ya ce hawa, rabi na biyu ya ce sauka, sai amsoshin suka cinye juna.

Ana iya tabbatar da haka ta hanyar raba bayanan gida biyu. A ɗauki fangali uku na farko kawai, masu ban ruwa 1, 2, 3, r zai fito 0.96. A ɗauki uku na ƙarshe, masu 3, 4, 5, zai fito −0.96. Dangantaka biyu masu ƙarfi ne ke kwance a cikin sifirin nan. Wannan kuma ya tona wani abu da ya kamata ya tayar wa mai bincike hankali: idan alaƙa mai lanƙwasa ce, lambar da za a samu ta dogara ne da yankin da aka ɗebo bayanai. Mai binciken da ya yi aiki da manoman da ruwa ke yi wa wuya zai dawo ya ce a ƙara ban ruwa. Wanda ya yi aiki a gefen madatsar ruwa, inda ake malala shi son rai, zai ce a rage. Na uku da ya haɗa duka biyun zai ce ban ruwa ba shi da tasiri. Dukansu sun yi lissafi daidai.

Wani zai ce ai wannan misali ne da aka ƙera da gangan. Haka ne, amma duniya cike take da irinsa, musamman a jikin masu rai, inda kusan komai yana da gwargwadon da ya fi dacewa.

Zazzaɓin cizon sauro misali ne na kusa. An daɗe ana ɗauka cewa yaɗuwar cutar ta fi ƙarfi a wajen digiri 31 na ma'aunin Salshiyas. A 2013 Erin Mordecai da abokan aikinta suka tattara sakamakon gwaje-gwaje kan yadda zafi ke shafar sauro da ƙwayar cutar da yake ɗauke da ita: saurin girman ƙwayar a cikin sauro, yawan cizo, yawan ƙwai, tsawon rai. Suka gano cewa ƙololuwar tana wajen digiri 25, yaɗuwar tana raguwa ƙwarai da zarar an haura 28, kuma tana tsayawa a ƙasa da wajen 16 da kuma sama da wajen 34. Dalilin a fili yake. Cikin sanyi ƙwayar cutar ba ta gama girma kafin sauron ya mutu. Cikin tsananin zafi kuma sauron kansa ba ya daɗewa. To, a lura: 25 yana tsakiyar 16 da 34 ne daidai. Wanda ya tattaro bayanai daga wurare masu sanyi irin tsaunukan Habasha har zuwa wurare masu ƙuna, ya jefa su cikin lissafin Pearson, zai iya samun lamba ƙarama ya ce zafi bai shafi cutar ba. A ƙasar Hausa ma ba a bazara cutar ta fi tsananta ba, lokacin da zafin Sakkwato da Maiduguri ke haura 40. Ta fi kamari ne a damina da ƙarshenta. Sai dai a nan dole a yi hattara, domin ruwan da ke kwanciya yana da nasa babban kaso a wannan, ba saukin zafi kaɗai ba.

Misali na biyu daga gonakin Amurka yake. A 2009 masana tattalin arziki biyu, Wolfram Schlenker da Michael Roberts, suka haɗa bayanan amfanin gona na gundumomin ƙasar na fiye da shekara 50 da bayanan yanayi. Suka ga amfanin masara yana ƙaruwa da zafi har zuwa digiri 29, na waken suya har 30, na auduga har 32, daga nan sai ya faɗi. Faɗuwar kuma ta fi hawan tsanani nesa ba kusa ba. Wannan lanƙwasa ba ta daidaita gefe da gefe kamar ta albasarmu, don haka r ba lallai ya zama sifiri cif ba. Zai iya fitowa ɗan sama ko ɗan ƙasa, gwargwadon yawan ranaku masu ƙuna da suka shiga cikin bayanan. Ko ta yaya ya fito, ba zai faɗi abin da manomi ya fi buƙatar ji ba, wato akwai wata iyaka da idan zafi ya ƙetare ta labari ke sauyawa.

Akwai kuma lanƙwasar da ke kife da wannan, mai sauka sannan ta hau. Bincike da dama ya nuna cewa haɗarin mutuwa ya fi yawa ga masu tsananin rama da masu tsananin ƙiba, ya fi sauƙi ga na tsakiya. A ƙasashen da ake ɗumama gida da lantarki a hunturu, a kuma sanyaya shi a bazara, shan wuta yana tashi a ranakun sanyi da ranakun zafi, ya sauka a tsakani. Lissafin bai damu da ko doro ne ko kwari ba. Gefe biyu dai suna soke juna.

Ba sifiri kaɗai ke yaudara ba. A 1973 wani masanin ƙididdiga ɗan Ingila, Francis Anscombe, ya ƙera rukunin bayanai huɗu, kowanne da ɗigo 11. Matsakaicinsu ɗaya, miƙaƙƙen layin da ya fi dacewa da su ɗaya, kuma r ɗinsu duka kusan 0.82. A jadawali ba a iya bambanta su. Da aka zana, na farko ɗigo ne warwatse a gefen layi mai hawa, irin abin da mutum ke zato. Na biyu lanƙwasa ce tsaf, ta hau ta fara saukowa. Na uku layi ne miƙaƙƙe da ɗigo ɗaya tal ya bauɗe. Na huɗu ya fi ban dariya: ɗigo goma a tsaye wuri guda, ɗaya can nesa shi kaɗai, kuma shi ne ya haifar da dukan dangantakar. Rukuni na biyun nan ya nuna cewa ko lamba babba ba hujja ba ce ta cewa layin miƙaƙƙe ne. Shekaru da yawa bayan haka, a 2016, Alberto Cairo ya ɗiga hoton dabbar nan ta zamanin da, dainaso, da ɗigo 142, haƙora da komai, kuma r ɗin hoton bai wuce −0.06 ba.

To mene ne abin yi? Abu na farko shi ne wanda Anscombe ya yi maƙalarsa dominsa: a zana kafin a lissafa. Abu ɗaya a kwance, ɗayan a tsaye, kowane awo ɗigo guda. Manhajar Excel da ke ba da r da umarni ɗaya,

```
=CORREL(A2:A6,B2:B6)
```

ita ce kuma ke fitar da zanen ɗigo cikin daƙiƙu kaɗan, amma abin mamaki ɗalibai da yawa sukan tsaya a umarnin. Ido yana gane doro ko kwari nan take. Idan ɗigon sun yi yawa har sun cushe, sai a kasa bayanan kashi-kashi bisa abu na farko, misali ƙasa, tsakiya da sama, a nemi matsakaicin abu na biyu a kowane kashi. Idan na tsakiya ya fi na gefe biyu, ko ya gaza su, akwai lanƙwasa. Idan duka ukun sun yi kusan daidai, to sifirin ya fara samun mai goya masa baya.

Wasu sukan ce idan na Pearson ya gaza a koma ma'aunin Spearman, wanda Charles Spearman ya fito da shi a 1904. Shi ba ya amfani da lambobin kansu, da matsayinsu yake aiki: wa ya zo na ɗaya, wa ya zo na biyu. Yana da amfani idan alaƙar tana lanƙwasa amma ba ta juyawa, kamar tsawon yaro da ke ƙaruwa da sauri da farko sannan a hankali. Amma a kan albasarmu shi ma sifiri zai bayar, domin tambayarsa ita ce dai ko ana hawa ko ana sauka. Wannan wuri ne da ake yawan zamewa, har a cikin rubuce-rubucen da suka wuce hannun malamai.

Hanyar da ta fi dacewa da doro ita ce a sauya tambayar. Maimakon a haɗa amfani da yawan ban ruwa, sai a haɗa shi da nisan ban ruwan daga gwargwado mafi kyau. A misalinmu, a cire 3 daga kowane, a ninka da kansa: 4, 1, 0, 1, 4. A lissafa r tsakanin waɗannan da buhunan 4, 7, 8, 7, 4, zai fito −1 cif. Bayanan da suka ba da sifiri ɗazu su ne suka ba da cikakkiyar dangantaka yanzu, ba a ƙara ko ɗigo ɗaya ba. Abin da masu ƙididdiga ke yi ke nan idan suka saka lamba da ninkinta a cikin lissafin hasashe don layin ya sami damar lanƙwasawa. Akwai ma sababbin ma'aunai, irin wanda Gábor Székely da abokan aikinsa suka gabatar a 2007, wanda aka gina a kan nisan da ke tsakanin ɗigo da ɗigo. Shi a ƙa'idarsa ba ya zama sifiri sai in da gaske abubuwan biyu ba su da wata alaƙa ko wace iri ce.

Sai dai wannan ƙofa tana da nata haɗari, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Wanda ya ƙudura sai ya ga lanƙwasa zai gan ta. Kowane ɗigo uku da ba su jeru a layi ba, akwai lanƙwasar da za ta ratsa su duka daidai, ko da kuwa da ka aka zaɓo lambobin. Fangali biyar sun isa koyar da lissafi, ba su isa a ba manoman jiha shawara ba. Shi ya sa mai bincike na ƙwarai yakan nemi abu biyu kafin ya yarda da doron da ya hango: dalili daga ilimin abin kansa, kamar ruɓewar saiwa ko gajertar ran sauro, da kuma sake ganin siffar a wasu bayanan da ba su ne aka fara gano ta a cikinsu ba. Idan ƙololuwar ta fito a ban ruwa sau 3 a bana, ta koma sau 5 a baɗi, ta ɓace a gonar maƙwabci, to da alama hayaniyar awo ce aka ɗauka siffa.

Haka kuma yawan bayanan da ke gefe biyu yana da muhimmanci. Sau da yawa awo yakan taru a tsakiya, gefuna kuma su sami ɗigo biyu ko uku, alhali su ne ke yanke hukuncin ko layin ya juya. Mai tsara gwaji da ke zargin akwai lanƙwasa yakan tanadi aƙalla matakai uku masu tazara, ƙasa da tsakiya da sama, ya kuma maimaita kowane mataki a fangali da yawa, domin da matakai biyu kacal ba abin da za a iya zanawa sai miƙaƙƙen layi.